Filin Shawara: Labarin Masa Uku

 Ina da yarinya 'yar shekara biyar, ta san baƙaƙe da wasula amma haɗa su ya gagara. Ga rowa, ko ƙaninta ba ta sam wa abu. Na rubuta mata labari shafi biyu a kan kyauta, har da wa'azi a ƙarshe, amma da na fara karantawa sai ta tashi. Ina na kuskure?

Wata uwa, Arawa, Gombe

'Yata, Allah ya raya mana su. Shafi biyu ya yi mata nauyi, kuma ke kike karatun, ita ba a ba ta aikin komai ba. Yaro mai shekara biyar yana son jimlar da za ta riƙa dawowa har ya gane ta da ido, ya riga ki faɗa. Shi ya sa idan kaka tana tatsuniya, yara suka fi ɗoki a wurin waƙar da ake maimaitawa.

Ga wanda na shirya miki. Ki rubuta shi da babban rubutu, kowane sashe a shafinsa:

Kaka ta soya masa. Ta ba Nana uku.

Sani ya zo. Nana ta ce, "Ga taka, ga tawa." Saura biyu.

Lami ta zo. Nana ta ce, "Ga taki, ga tawa." Saura ɗaya.

Kaka ta zo. Nana ta duba masa. Ta raba ta biyu. Ta ce, "Ga taki, ga tawa."

Da yamma Sani ya zo da rake. Ya ce, "Ga naki, ga nawa."

Ki lura da kalmomin. Masa, Nana, Kaka, taka, tawa, duk baƙi ne da wasali, baƙi da wasali, abin da yarinya za ta iya tsinkawa gaɓa-gaɓa: ma-sa, ta-wa. Da gangan na bar ƙosai duk da na san yara sun fi son sa, domin ƙ mai lanƙwasa da "ai" na ƙarshe za su tsayar da ita tun a layin farko. Irin su ts, ky da ƙw ma su jira. Littattafan Mu Karanta! da aka yi amfani da su a makarantun firamare na Bauchi da Sakkwato a kan wannan hanya ta gaɓa suke tafiya. Idan malamarta na da kwafi, ki roƙa ta ara miki.

Daren farko ki karanta duka, yatsanki yana bin kowace kalma. Dare na biyu, idan kin zo "Nana ta ce", ki yi shiru ki dube ta. Za ta cike da kanta. Wannan jimlar ta zama tata ke nan, kada ki sake karanta mata ita. Minti goma ya isa, kuma ki tsaya tun ba ta gaji ba.

Sai dai akwai inda iyaye ke ruɗuwa. Yaranmu sun saba da hadda, cikin kwana uku za ta iya rero miki labarin kaf alhali idonta na kan rufin ɗaki. Don haka na sa taka da taki, harafi ɗaya ne ya raba su. Ki rubuta su a 'yan takardu biyu, ki juya su, ki ce ta ɗauko wadda za a ce wa Lami. Idan ta ɗauka daidai sau da yawa a jere, karatu take yi. Idan lalube take, ki koma kan ka da ki na kwana biyu, ba faɗa. Naki da nawa na shafin ƙarshe su ne gwaji na gaba.

Batun rowa kuwa, ki cire wa'azin nan. Ni dai na fi yarda da labarin da Nana ba ta tashi hannu wofi ba. Abin da yarinyarki ke tsoro shi ne idan ta bayar nata ya ƙare, shi ya sa "ga tawa" take ta dawowa a labarin. Ran Asabar ki sayo masa uku, ki zaunar da ita da ƙaninta, ke ki zama Kaka. Idan an zo ta ƙarshe ta ƙi rabawa, kada ki ƙwace. Ki raba taki ki miƙa mata rabi, ki faɗi jimlar, ku ci abinku.