Amsoshin Tambayoyinku: Zan Iya Kwaso Farashin Abokan Gasa?

Malama mai sayar da turare daga Kano, mun ga tambayarki. E, duba sunan kaya da farashin da aka baje a fili ba laifi ba ne, amma kowane shafi da dokarsa. Ki fara karanta sharuɗɗan amfani, sannan ki ƙara `/robots.txt` a ƙarshen babban adireshin shafin. Duk sashen da kika ga an rubuta a gaban `Disallow`, an hana manhajar kwasar bayanai shiga cikinsa. Ki riƙa jinkirta daƙiƙoƙi tsakanin buƙata da buƙata. Idan lamba 429 ta bayyana, kin matsa da yawa, ki dakata. Kuma wajen kwatanta farashi, kwalbar mil 50 ba a gwada ta da ta mil 100. Lambobin wayar mutane kuwa, don Allah ki bar su.