Yadda Ake Zaɓar in, on da at a Jarrabawar Ingilishi

Ɗalibin kwaleji a Gidan Rumji da ke shirin BEPC yana shiga ajin Ingilishi da harsuna biyu a kansa, kuma dukansu suna iya yi masa ƙafar ungulu a kan waɗannan ƙananan kalmomi uku. Hausa tana da “a” guda ɗaya mai ɗaukar Maraɗi, da kasuwa, da shekara. Faransanci kuma yana da “à” mai kama da *at* a ido da kunne. Shi ya sa yaro ya ga *I live ___ Maradi*, sai hannunsa ya tafi kan *at*, alhali *in* ake nema. Raina yana ɓaci idan na ga maki ya zube a nan, domin gyaran ba shi da wuya.

Da farko, rufe zaɓin da ɗan yatsa, kada ka dube su tukuna. Karanta abin da ya biyo bayan gurbin har ƙarshensa, ka tambayi kanka: lokaci ne ko wuri?

Idan lokaci ne, faɗe shi da Hausa a zuciyarka, don a nan Hausa ta fi Faransanci taimako. Duk inda bakinka ya ce “ran” ko “ranar”, amsar *on* ce: ran Juma’a, *on Friday*. Inda ka ce “da ƙarfe”, *at* ce: da ƙarfe takwas, *at eight o’clock*. Abin da ya fi yini faɗi kuwa, wata ko damina ko shekara, *in* yake ɗauka: *in July*, *in 2024*.

Mu gwada da tambaya irin wadda ake yawan kawowa:

*Niger became independent ___ 3 August 1960.*
*a) in  b) on  c) at*

Mai gaggawa zai hango 1960 ya zaɓi *in*, tunda an koya masa cewa shekara da *in* take tafiya. Wani zai tsaya kan *August*, shi ma ya faɗa rami ɗaya. Amma faɗi jimlar da Hausa: Nijar ta samu ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960. Ka ji “ran” ta fito, don haka amsa b ce. Da mai tambaya zai cire 3 ɗin ya bar *August 1960*, babu sauran rana a ciki, sai amsar ta koma *in*. Ƙa’idar ita ce mafi ƙanƙantar lokacin da aka ambata shi ke da iko, matuƙar an ambaci rana ko awa.

Sassan yini sai an haddace su, domin Hausa tana cewa “da safe”, “da dare” ba bambanci. Ingilishi yana cewa *in the morning*, *in the evening*, amma *at night*. Da zarar sunan rana ya shigo gaba, “ran” ta dawo da ikonta: ran Litinin da safe, *on Monday morning*. Wannan ce tambayar da na fi ganin ta kayar da masu ƙoƙari ma.

Idan wuri ne, zana shi a ranka. Abin da ya kewaye ka, ɗaki ko gari ko ƙasa, *in* ne: *in the classroom*, *in Tibiri*, *in Niger*. Abin da kake bisa fuskarsa, tabarma, bango, allo ko hanya, *on* ne; Gidan Rumji kanta tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Madawa, wato *on the road to Madaoua*. Wurin da za ka nuna da yatsa ka ce mu haɗu a nan, kamar tasha ko bakin ƙofa, *at* ne: *at the bus station*, *at the door*. Haka *at home* da *at school*, kuma ba a sa musu *the*.

Abin hawa yana da nasa tarko. Mu “cikin mota” muke cewa ko wace iri ce, amma Ingilishi ya raba: ƙaramar mota da tasi *in*, babbar bas da za ka iya miƙewa tsaye a cikinta *on the bus*, babur da jaki kuma *on*.

Sai yanzu ka ɗaga yatsanka ka dubi zaɓin. Idan akwai na huɗu da ke nuna babu abin da za a sa, duba ko *next*, *last*, *this* ko *every* na tsaye bayan gurbin. In ɗayansu na nan, kamar a *We will travel ___ next Friday*, gurbin fanko yake zama, ko da bakinka ya ce “ran”. Daga nan ka mayar da amsarka cikin jimlar, ka karanta ta a hankali daga farko kafin ka sa alama.