Yadda Ake Tsara Aiki, Abinci da Barci a Watan Azumi

Jadawalin azumi mai ɗorewa daga barci ake fara shi, sannan a gina aiki da abinci a kewaye. Telan Kano misali ne mai kyau, domin ɗinkin sallah yakan yi masa rubdugu daidai lokacin da ƙarfinsa ya ragu.

Mataki na 1: A rubuta lokutan da ba sa motsi

Idan azumi ya faɗo a watan Maris, alfijir a Kano yana ketowa wajen 5:25, rana ta faɗi wajen 6:35, wato kame baki na awa 13 da 'yan mintoci. Isha'i da tarawihi sukan kai mutum kusan 9:00. Tunda Ramadan yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, sai a karɓi jadawalin bana a masallacin unguwa, kada a dogara da na bara.

Mataki na 2: A ware awa 7 na barci

Telan zai kwanta 10:30, ya tashi 4:30, ya samu awa 6. Ragowar awa ɗaya zai cike ta da ƙailula bayan azahar, daga 1:30 zuwa 2:30, lokacin da zafi ya fi tsanani kuma kwastoma suka ɗauke ƙafa. Ƙailular da ta zarce haka takan bar mutum da nauyin jiki, ta kuma hana shi barcin dare. Abin da ya fi rusa tsarin shi ne hirar bayan tarawihi. Wanda ya kai 12:30 a majalisa ko a kan waya, awa 4 kacal zai samu kafin sahur.

Mataki na 3: A raba aiki gwargwadon ƙarfi

Daga 7:00 zuwa 12:00 sahur bai gama sakin jiki ba, rana kuma ba ta take ba. Nan tela zai sa yanka da duk abin da ke buƙatar awo, domin kuskuren almakashi a kan shaddar mutane ba ya gyaruwa. Ɗinkin keke ya biyo baya har zuwa azahar. Bayan la'asar, da ido ya fara raina fata, sai ƙananan ayyuka: sa maɓalli, tsinke zare, ninke kaya. Guga da dutsen gawayi tana sa gumi ƙwarai, don haka a bar ta sai 9:15 zuwa 10:15 na dare, lokacin da ruwa ke kusa.

Wannan lissafin ne zai nuna masa iyakar kayan da zai karɓa. Idan kaftani biyu yake gamawa a rana, kuma saura kwana 20 na aiki, to 40 ne iyakarsa. Duk yadin da ya karɓa bayan haka, da barcinsa zai biya.

Mataki na 4: A kasa abinci kashi uku

Da an kira magariba, dabino da ruwa da kofin kunun gyada ko na tsamiya da ƙosai kaɗan sun isa. Babban abinci, shinkafa ko tuwo, ya zo bayan sallar, wajen 7:00, daidai ciki, don kada tsayuwar tarawihi ta gagara. Sahur kuwa a jinkirta shi zuwa 4:45, a zaɓi mai zama a ciki, kamar ɗumamen tuwo, wake, ƙwai ko fura da nono. Gishiri da yaji masu yawa ƙishirwa suke jawowa tun hantsi.

Ruwa a sha shi rarrabe. Leda ɗaya rabin lita ce: ɗaya da buɗa-baki, ɗaya bayan abinci, ɗaya bayan tarawihi, ɗaya ko biyu da sahur. Shayi mai kauri bayan 9:00 yana korar barci.

Mataki na 5: A sake zubi a goman ƙarshe

Idan masallacin yana fara tahajjud 1:00, barci zai koma kashi uku: 9:30 zuwa 12:30, sai 6:00 zuwa 9:00 na safe, sai ƙailula. Shago zai buɗe 9:30, guga ta koma safiya kafin rana ta yi zafi. Shi ya sa ake son a gama yawancin yanka kafin 20 ga wata.

Yadda ake gane tsarin ya karkace

Gyangyaɗi a kan keke tun 10:00 na safe alamar ƙarancin barci ce, sai a matso da kwanciya da rabin awa. Fitsarin da ya yi duhu tare da ciwon kai da azahar yana nuna ruwan dare bai isa ba. Ƙwannafi da asuba yawanci daga maiƙo ne ko kwanciya da cikakken ciki. Mai ciwon suga ko hawan jini ya ga likita tun a Sha'aban, domin a daidaita masa lokutan magani da sahur da buɗa-baki.