Tsohuwar Kyanwa Da Ciwon Gaɓoɓi

Akan ji talakawa suna kukan cewa kyanwarsu ta yi lalaci, ta bar ɓeraye suna ɓarna a rumbu. Sau da yawa ba lalaci ba ne, ciwo ne. Kyanwa in ta wuce shekara 10 ta kama hanyar tsufa, galibinsu kuwa guringuntsin gaɓoɓinsu yakan cinye, musamman a kwatangwalo da gwiwa da ƙashin baya. Abin da ke ruɗin mutane shi ne ba safai takan yi ɗingishi ba, gama ciwon yakan kama dama da hagu tare. Halinta ne ke sakewa.

Ga misali. Kyanwa ce mai shekara 12, wadda da can takan haye katanga da tsalle guda. Yanzu sai ta tsaya ta yi ta duban katangar, ta bi ta kan turmi, ko ta fasa. Gashin bayanta wajen gindin wutsiya ya cukurkuɗe, don ba ta iya lanƙwasawa ta lashe shi. Faratanta sun yi tsawo har suna neman shiga naman tafinta. In yaro ya ɗauke ta sai ta yakushe shi, alhali da ba ta yi. Wani lokaci kuma takan yi fitsari cikin ɗaki, domin dokin ƙofa ya yi mata tsawo. Dukanta a kan wannan zalunci ne.

Mai ita sai ya yi mata shimfiɗa da tsumma a ƙasa, inda iskar hunturu ba ta bugawa, amma nesa da murhu, don tsohuwar kyanwa takan kwanta cikin toka mai zafi ta ƙone. Ya ajiye ruwa da abinci da kaskon yashi marar zurfi kusa da ita, ya sa mata bulo ya zama matakala, ya riƙa taje ta. Kada a bari ta yi ƙiba. In an shafa ba a ji haƙarƙarinta ba, a rage abinci sannu a hankali.

Wajibi ne a gargaɗi jama'a kada su ba kyanwa maganin mutane. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe ta, don hantarta ba ta iya sarrafa shi. Alamar ta sha ita ce dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Sai a garzaya da ita wurin likitan dabbobi nan take. Shi ne kuma ke da ikon ba da maganin ciwon gaɓoɓi, irin su meloksikam, bayan ya auna nauyinta ya duba ƙodarta. In an ga tana yawan shan ruwa da yawan fitsari, a shaida masa tun kafin ya ba da magani, gama alamar ciwon ƙoda ke nan, maganin kuwa yana iya ƙara shi.