Foraj a gida ko bidon ɗin ɗan garuwa: shawarwari ga magidantan Attantane

Duk wanda ya yi gini a sabuwar unguwa ta bakin gari, a Attantane ko Mayahi ko Tasawa, ya san yadda abin yake. Fili ya samu, ɗakuna sun tashi, amma bututun ruwan shato bai iso ba. Kullum da safe uwargida na jiran amalanken ɗan garuwa, maigida kuma na cewa a ransa gara ya haƙa foraj ya huta. Ra'ayina shi ne, a ƙasa irin tamu mai rairayi da ruwa mai nisa, da wuya foraj ya mayar wa gida ɗaya kuɗinsa. Ga abin da ya kamata a duba kafin a sayar da sa ko gona.

1. Ku fara ƙirga bidon ɗin da kuke sha. A yi mako guda ana ja wa kowane bido layi da gawayi a bango, sau ɗaya da damina, sau ɗaya da bazara. Mu ɗauki gida mai mutum 10. In kowa ya ci lita 20 a yini, sha da girki da wanka da wanki, lita 200 ke nan, wato bido 8 masu lita 25. A ce ɗan garuwa na kawo kowane bido har ƙofa a kan dala goma, sefa 50 ke nan. Kuɗin yini ya kama sefa 400, na wata jika 12, na shekara kuwa jika 146. Yanzu a ce mai injin haƙa ya yanka muku miliyan 6, da haƙa da fanfo da faifan hasken rana da tanki. In aka raba miliyan 6 da jika 146, sai an yi shekara 41 kafin kuɗin ya dawo, kuma a cikin waɗannan shekaru fanfon zai mutu a sake wani, ba sau ɗaya ba. Farashin nan misali ne, kowa ya sa na unguwarsa. Lissafin yana juyawa ne kawai in akwai dabbobi da yawa ko garka, domin saniya ɗaya kan shanye fiye da bido guda a ranar zafi.

2. Ku tambayi zurfin ruwan wurinku, kada ku ɗauki na wani gari. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Mayahi, tsohon kwari ne da ba ya gudu kamar da, amma a cikinsa ruwan ƙasa ya fi kusa. Da an hau tudu, igiyar guga sai ta ƙara tsawo, har a ga sai da sa ko jakai ake jan wasaki. Ku je rijiyar siminti mafi kusa a watan Mayu, lokacin da ruwa ya fi janyewa, ku tambayi masu ɗiba gaba nawa igiyarsu. Sannan ku je ma'aikatar ruwa ta Mayahi ko ta Tasawa, ku nemi a duba muku zurfin forajojin da aka riga aka haƙa a kusa. Mai haƙa da mita yake lissafi, kowace mita kuɗi ce. Haƙan hannu mai araha, wanda ake yi a fadamu, ba ya kai nisan ruwan tudu.

3. Kafin a fara haƙa ku je ofishin magajin gari. Dokar ruwa ta Nijar ta 2010 ta tsara yadda ake haƙa da ɗibar ruwan ƙasa, saboda haka ku tambayi takardar da ake bukata, musamman in kuna da niyyar sayar wa makwabta.

4. Ku duba hanya ta uku, wadda ake yawan mantawa da ita. In garin na da shato da mai kula da shi, ku tambaye shi nawa ne mita kib ɗaya, wato lita 1,000 ko bido 40. In ya ce sefa 500, bido ɗaya bai kai dala uku ba, alhali kuna biyan dala goma a ƙofa. Abin da kuke biya a kai ladan ɗauko ne, kuma halal ɗin ɗan garuwa ne, domin da ƙarfinsa da na jakinsa yake nema. Amma gidaje goma ko goma sha biyar da ke layi ɗaya za su iya haɗa kuɗin bututu a jawo musu fanfo, kowa da kwantarsa. Sai dai a fara tambaya ko ruwan shaton na isar waɗanda ke kansa yanzu. In da bazara fanfunan cikin gari ma tari suke yi ba ruwa, na ƙarshen layi shi zai fi kowa shan wahala.

5. In lissafi ya nuna haƙa ce mafita, to kada a biya kuɗi duka a gaba, kuma a rubuta yarjejeniya gaban shaidu. A rubuta kuɗin mita, da wanda zai ɗauki asara in ba a samu ruwa ba, da irin bututun da za a zura. A ƙasar rairayi wurin da aiki ya fi lalacewa shi ne matatar da ke ƙasan rami. Bututu mai tsaga-tsaga ake sawa daidai inda ruwa yake, a zuba masa tsakuwa wankakkiya kewaye don ta tare yashi. In an yi ha'inci a nan, za ku ga yashi ya kwanta a gindin bokiti, kuma wannan yashin ne ke cinye fanfo tun bai yi shekarun da ya kamata ba. Ku tsaya a kai a wanke ramin da iska har ruwa ya fito garau, sannan a ja ruwa awoyi da yawa a jere ana auna yadda yake sauka da yadda yake dawowa. Wannan awon ne ke faɗin girman fanfon da za a saya. Wanda ya fi ƙarfin ramin zai zuƙe ruwan ya koma jan iska ya ƙone. Bakin ramin kuma a toshe kewayensa da siminti, a nisanta shi da masai da turken dabbobi da aƙalla mita 30.

6. A kai ruwan awo kafin yaro ya sha. Wannan ita ce shawarar da ta fi damuna, domin mu a jihar Maradi mun ga abin da idonmu. A Tibiri, wani foraj da aka haƙa a shekarun 1980 ya riƙa ba da ruwa fari tas, ba wari ba ɗanɗano, alhali sinadarin fuloraid ya yi masa yawa. Sai da aka yi shekaru ana sha kafin a gane, bayan ɗaruruwan yara sun tashi da haƙora masu tsatsa da ƙafafu a lanƙwashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fuloraid a miligiram 1.5 cikin lita, ta nitirat kuma miligiram 50. Ido ba ya ganinsu, tafasawa ba ta fitar da su, maganin tsabtace ruwa ma ba ya taɓa su. Ma'aikatar ruwa za ta nuna muku inda ake awon. A karɓi sakamakon a rubuce, a ajiye shi tare da takardun fili.

7. Wanda ya zaɓi ci gaba da saye, ya kama ɗan garuwa ɗaya ya san inda yake ɗibo ruwansa, fanfon shato ne ko rijiya buɗaɗɗiya. Ku leƙa cikin bidon. In ya yi kore, ko yana warin mai, ku ba shi naku guda biyu na ruwan sha kaɗai, a riƙa wanke su da sabulu da 'yar tsakuwa ana girgizawa. Ruwan sha a sa masa ƙwayar kulorin daidai yadda aka rubuta a takardarta, a jira minti 30, randa a rufe, moɗa kuma a rataye ta, kada ta kwana a ƙasa. Tun watan Fabrairu ku yi magana da shi kan farashin bazara, ku kuma tanadi tano biyu masu lita 200 da murfi. Ga gidan mutum 10, ruwan kwana biyu ke nan ranar da injin shato ya tsaya.