Archive, Mute, Clear chat da Delete chat a WhatsApp: wanne ne ake iya dawowa daga gare shi?

Yau za mu duba maɓallai huɗu na WhatsApp da mutane ke yawan cakuɗawa, wato Archive, Mute, Clear chat da Delete chat. Dukansu ana danna su ne idan wata hira ta ishi mutum, shi ya sa ake ɗauka kusan aikinsu ɗaya. Alhali biyu daga ciki ba sa taɓa ko saƙo guda, sauran biyun kuwa goge saƙonni suke yi daga wayarka.

Kafin mu shiga, ka riƙe wannan: da zarar saƙo ya iso wayarka, WhatsApp ba ya ajiye kwafinsa a rumbunsa. Saƙonninka suna zaune ne a wayarka, da wayar wanda kuka yi hirar, sai kuma kwafin ajiya idan ka kunna Chat backup. Don haka idan ka goge hira, babu wani ofishi da za ka rubuta wa a turo maka ita.

Biyun da ba sa goge komai

Mute aikinsa toshe ƙara kawai. Ka danne hirar na ɗan lokaci, ka taɓa alamar shiru da za ta fito a sama, sai a ba ka zaɓi uku: 8 hours, 1 week ko Always. Saƙonni za su ci gaba da shigowa, hirar za ta ci gaba da hawowa sama, adadin saƙonnin da ba ka karanta ba zai ci gaba da ƙaruwa, sai dai wayar ba za ta yi kuka ba. Wanda ka yi wa ba zai sani ba. A guruf kuwa, idan aka ambaci sunanka da @ ko aka ba da amsa kan saƙonka, sanarwa za ta zo maka duk da Mute ɗin. Duk lokacin da ka ga dama sai ka danna Unmute, komai ya koma yadda yake.

Archive kuma ɗauke hirar yake yi daga babban shafi ya kai ta wani ɗaki mai suna Archived, wanda za ka gani a saman jerin hirarrakinka. Kamar ka kwashe kaya daga tsakar gida ka kai sito ne, kayan suna nan lafiya lau. Masu tsohon sani su kula, a da hira kan fito da kanta daga Archived da zarar sabon saƙo ya shigo. Tun 2021 aka sauya wannan. Yanzu takan zauna a can shiru ko saƙo nawa aka turo, sai dai in an ambace ka ko an amsa saƙonka. Abin da ke riƙe da ita shi ne Keep chats archived, a Settings > Chats. In ka kashe shi, tsohon tsarin ya dawo.

A nan ne ake samun ruɗani na farko. Mutum ya danna Archive bisa kuskure, hira ta ɓace, ya fara salati ya ɗauka ta goge. Kafin hankalinka ya tashi, ka rubuta sunan mutumin a wurin bincike ko ka leƙa Archived. Idan hirar tana can, ka danne ta ka zaɓi Unarchive, shi ke nan. Abu guda kuma: Archive ba ya rage cikar waya ko da megabait ɗaya, kuma ba kulle ba ne, duk wanda ya riƙe wayarka zai iya buɗe ɗakin.

Biyun da ke gogewa

Clear chat yana share saƙonnin da ke cikin hirar, ya bar hirar kanta a jerin, fanko. Za ka same shi idan ka buɗe hirar, ka taɓa ɗigo uku, sannan More > Clear chat. Shi ya fi dacewa da guruf ɗin makaranta ko na dangi da ya cika waya da bidiyo, domin kana nan a cikin guruf ɗin, sabbin saƙonni za su ci gaba da zuwa, kuma ba wanda zai san ka share.

Delete chat yana share saƙonnin, ya kuma cire hirar daga jerin gaba ɗaya. Lambar mutumin tana nan a wayarka, ba ka toshe shi ba, in ya turo saƙo gobe sabuwar hira za ta buɗe babu komai a samanta. Shi kuma a wajensa duk abin da kuka tattauna yana nan, gogewarka ba ta taɓa wayarsa ba. A guruf ba za a bar ka ka goge ba sai ka fara fita, kuma komawa sai shugaban guruf ya sake saka ka ko an ba ka mahaɗin shiga.

Wurin da na fi so ka tsaya ka karanta shi ne ɗan akwatin da ke fitowa kafin ka tabbatar da gogewar, wanda ke tambaya ko a haɗa da hotuna da bidiyon hirar da ke galarin wayarka. Idan akwai alama a cikinsa, har hotunan da ke galari za su tafi. Idan ka cire alamar, rubutu zai tafi amma hotuna su zauna, wanda ke nufin wayar ba za ta samu sarari mai yawa ba, tunda ba rubutu ne ke cika ta ba. Yawancinmu ba ma karanta wannan layin, hannu ne kawai ke sauri.

Wasu za su ce ai akwai Undo. Akwai, amma na saƙo ne da ka goge da Delete for me, kuma daƙiƙa 5 kacal yake tsayawa a ƙasan allo. Idan hira sukutum ka share ko ka goge, babu wannan maɓallin.

Yadda muka dawo da hirar da aka goge

Hanya guda ce ta rage, wato kwafin ajiya, kuma ita ma lokaci ne da ita. Bari na ba da misali da abin da ya faru da ƙanwata mai sayar da atamfa. Ranar wata Talata bayan la'asar tana rage tarkace a waya, sai ta haɗa da hirar wata mai sayen kayanta da take bi bashin naira dubu 48. Lissafin kayan, hoton shaidar kuɗin da aka fara turowa da saƙon muryar da matar ta yi alkawarin cikawa, duk suna cikin hirar.

Abu na farko da na yi shi ne shiga Settings > Chats > Chat backup domin ganin lokacin da aka ɗauki kwafin ƙarshe. Ya nuna ƙarfe 2 da ɗan wani abu na daren da ya gabata, tunda ta sa shi a Daily, kuma WhatsApp kan ɗauki kwafinsa ne wajen ƙarfe 2 na dare. Ke nan kwafin ya girmi gogewar, hirar tana cikinsa. Matsalar ita ce kwafi ɗaya tak ake riƙewa a asusunka na Google, sabo yana hawa kan tsoho. Da mun bari har ƙarfe 2 na daren da ke tafe, da sabon kwafi marar hirar ya maye gurbin wancan. Saboda wannan dalilin ne kuma bai kamata ka taɓa maɓallin Back up da ke wannan shafin ba. Mutane da yawa kan danna shi a rikice da zaton suna ceton hirar ne, alhali da hannunsu suke binne ta.

Abu na biyu, mun lissafa abin da za a rasa. Dawo da kwafi yana mayar da WhatsApp ɗinka gaba ɗaya zuwa yadda yake a lokacin da aka ɗauki kwafin, ba a zaɓar hira ɗaya. Duk saƙonnin da suka shigo daga ƙarfe 2 na dare zuwa yammacin nan, a kowace hira, za su tafi. Sai muka bi odar da aka yi mata a wunin muka ɗauki hoton allo, muka kwafe hotuna da bidiyo masu muhimmanci zuwa wata wayar. Bidiyo musamman, domin ba ya shiga kwafin ajiya sai in ka kunna Include videos.

Abu na uku, mun tabbatar layin da ta buɗe WhatsApp da shi yana cikin wayar kuma yana karɓar saƙo. Kada ka raina wannan matakin. Da yawa suna amfani da WhatsApp a kan layin da ya ɓata ko aka rufe tuntuni, kuma idan ka cire manhajar ba ka da inda lambobi 6 na tabbatarwa za su shigo, ka je neman hira ɗaya ka rasa asusun duka. Haka nan idan ka kunna End-to-end encrypted backup, sai da kalmar sirrin ko mabuɗin da ka sa, in ka manta ba mai iya buɗe maka.

Daga nan muka cire WhatsApp, muka sake sauke shi daga Play Store, muka sa lambar da ta saba a kan asusun Google ɗin da ta saba. Bayan tabbatar da lamba ya nuna ya ga kwafi, muka danna Restore. Idan ka tsallake wannan shafin, ba za ka ga maɓallin Restore a cikin Settings ba, sai ka sake cire manhajar. Rubutu ya fara dawowa, hotuna da muryoyi suka biyo baya a hankali. Hirar ta dawo. Masu iPhone ma tsarin ɗaya ne, sai dai nasu kwafin a iCloud yake.

Ita sa'a ta yi. Abin da na fi gani a wayoyin mutane shi ne kwafin ƙarshe na watanni da suka wuce, ko babu shi sam. Dalilin kuwa, WhatsApp kan jira Wi-Fi kafin ya tura kwafi, yawancinmu kuma da datar layi muke aiki. Sai ka kunna Back up using cellular a shafin Chat backup kafin ya riƙa turawa da datarka. Tura farko kan ci data sosai, sai ka haɗa ta da garaɓasar dare.

Idan babu kwafi, ko sabo ya riga ya hau kan tsoho, ka nemi wanda kuka yi hirar, tunda tasa tana nan. Ya buɗe hirar, ya shiga More > Export chat, ya turo maka. Zai zo ne a matsayin fayil na rubutu mai ɗauke da ranaku da lokuta, ana karantawa amma ba a mayar da shi cikin WhatsApp. Sai dai fa a irin lamarin ƙanwata, wadda ake bi bashin ce za a roƙa ta turo shaidar. Manhajojin nan kuma masu alkawarin dawo da saƙonnin da aka goge, galibinsu sanarwar da ke shigowa suke kwafewa tun daga ranar da ka saka su, don haka hirar da ka goge jiya ba su taɓa ganinta ba, ga shi kuma ka ba su izinin karanta duk saƙon da zai shigo maka daga yau.