Darasin Lissafin Ajiya: Ribar da Take Haihuwa da Wadda Ba Ta Haihuwa

Yau darasinmu a kan ajiya ne. Kaka ta yi, manomi ya kai riɗi ko wake Dawanau ya karɓi kuɗinsa, ya ware na cefane da na taki, ɗan abin da ya rage yana so ya ajiye don gaba. To, hanya biyu ce ajiya take ƙaruwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta fitowa sai shekaru sun tura.

Ta farko ita ce a riƙa lissafa ƙari a kan uwar kuɗi kaɗai. Ta biyu ita ce a mayar da ƙarin bana cikin uwar kuɗi, baɗi a yi lissafi a kan su duka. Ma'aikatan banki suna ce wa ta biyun ruwa kan ruwa. Mun san kuɗin ruwa haramun ne a shari'a, amma lissafin ɗaya ne ko da ribar ciniki ce ta halal, ko ta jarin da aka ba wani ya juya a raba riba. Saboda haka a nan riba za mu riƙa cewa.

Ga misali. Mu ɗauka mutum biyu ne, ɗaya mutumin Dambatta, ɗaya mutumin Bichi. Kowa ya ajiye Naira 100,000 a inda ake samun ribar kashi 10 cikin 100 a shekara. Mun zaɓi kashi 10 ne don lissafi ya yi sauƙi. Na Dambatta duk shekara yakan karɓe ribarsa, Naira 10,000, ya sa a akwati. Na Bichi kuwa ba ya taɓa tasa, a ciki yake barin ta.

Shekarar farko kunnen doki suka yi, kowa yana da 110,000. A ta biyu na Dambatta ya sake samun 10,000, domin uwar kuɗinsa tana nan yadda take, jimla 120,000. Shi kuwa na Bichi a kan 110,000 aka yi masa lissafi, ya sami 11,000, jimla 121,000. Wannan dubu ɗayar da ta ɗaru ita ce ribar da riba ta haifa. A shekara ta uku na Dambatta yana da 130,000, na Bichi 133,100. Mai gaggawa zai ce ai wannan bai taka kara ya karya ba. To, a bi su a hankali.

Bayan shekara 10 na Dambatta yana da 200,000, na Bichi 259,374. Bayan shekara 20 na Dambatta yana da 300,000, na Bichi 672,750. Idan Allah ya ja kwana har shekara 30, na Dambatta 400,000 ke gare shi, na Bichi kuwa 1,744,940, wato ya ninka ɗan'uwansa fiye da sau huɗu. Dalili shi ne ribar na Dambatta ba ta taɓa wuce 10,000 a shekara ba, alhali ta na Bichi a shekara ta 30 kaɗai ta haura 158,000.

Matan karkara sun daɗe da sanin wannan a wajen kiwo. Wadda take sayar da duk abin da akuyarta ta haifa, akuya ɗaya za ta ci gaba da riƙewa. Wadda take barin 'ya'ya mata su girma su ma su haihu, garke take tarawa. Sai dai a ƙasarmu ta arewacin Kano gona na manne da gona, da damina dabba a turke take kwana ta wuni, da rani sai harawa da dusa. Abinci shi ke tsayar da garke. Kuɗi ma suna da abin da ke tsayar da su, za mu zo kansa.

Akwai ɗan lissafi na ka da zai taimaka a kasuwa. A raba 72 da yawan kashin ribar, abin da ya fito shi ne kimanin shekarun da kuɗi za su ninka idan ana mayar da riba ciki. Kashi 10, shekara 7 da 'yan watanni ke nan. Kashi 6, shekara 12. Wanda yake cire ribarsa a kashi 10 kuwa sai ya cika shekara 10 cur.

Yanzu ga abin da ya faru a zahiri. A shekarar 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da takardun sukuk na farko, na Naira biliyan 100, don gina hanyoyi. Wa'adinsu shekara 7, ana biyan haya kashi 16.47 cikin 100 a shekara, rabi duk wata shida. Wanda ya sa 100,000 yakan karɓi 8,235 duk wata shida. Zuwa 2024 hayar da ya karɓa ta kai 115,290, a haɗa da uwar kuɗi 215,290. Wannan lissafin na Dambatta ne, domin hannunsa ake ba shi hayar, ba a mayar da ita ciki. Da a ce duk biyan da aka yi masa yana samun inda zai zuba shi a kan riba iri ɗaya, da ya tashi da wajen 302,800. Amma a lura, mafi ƙarancin abin da aka karɓa wajen sayen takardun 10,000 ne, 8,235 ba ta kai ba. Ashe mayar da riba aiki ne da mai kuɗi zai tashi ya yi da kansa.

Yaya mutum zai gane wace iri ce ajiyarsa? Ya dubi ribar shekara ta biyu. Idan kashin bai sake ba, kuma ribar daidai take da ta farko, to ba ta haihuwa. Kafin ya sa hannu ya tambayi ma'aikaci: in wa'adi ya cika, uwa kaɗai za ku sake juyawa, ko uwa da riba? Adashi kuwa yana taimakon tari, amma abin da ka zuba shi za ka kwasa, ba ƙari.

Saura abin da ke tsayar da kuɗi. Na farko, ribar halal ba ta da tabbas. A bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, irin Ja'iz da ya fara aiki a 2012, ribar ajiyar mudaraba takan hau takan sauka gwargwadon ciniki, har asara tana yiwuwa. Shekarar da aka yi asara uwar kuɗi ta ragu, a kan ragowar za a ci gaba da lissafi.

Na biyu shi ne tsadar kaya, domin ita ma haihuwa take yi. A watan Disamba 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce farashi ya hau da kashi 34.8 cikin 100 a shekara guda. A raba 72 da 35, ka ga a irin wannan tafiya kusan shekara biyu farashi zai ninka, alhali ajiyar kashi 10 sai ta shekara bakwai. Don haka a riƙa auna ajiya da buhu. Mutum ya rubuta buhun gero nawa kuɗinsa za su saya a Dambatta ranar da ya ajiye, baɗi war haka ya sake aunawa. In buhunan sun ragu, ajiyar baya take ja ko da lambar Naira ta ƙaru, sai a sake mata wuri.